Biyu da ɗaya ba rabi ba ne: inda ake tuntuɓe a cibiyar alwatika

A ba ɗalibi alwatika ABC, a ce masa midiyan AD tsawonsa santimita 15 ne, a tambaye shi nisan da ke tsakanin kusurwar A da cibiyar G. Amsoshin da aka fi samu uku ne: 7.5, ko 5, ko 10. Ta ƙarshen ce daidai. Masu ba da sauran biyun kuwa galibi sun haddace cewa cibiya tana raba midiyan biyu da ɗaya, abin da ya kuɓuce musu shi ne me ake kwatantawa da me, kuma daga wane ɓangare ake fara ƙirga.

Mu fara daidaita sunaye. Midiyan layi ne miƙaƙƙe da ya tashi daga kusurwar alwatika ya sauka a daidai tsakiyar gefen da ke fuskantar wannan kusurwa. Kowace alwatika tana da uku, kuma dukkansu suna haɗuwa a ɗigo guda. Wannan ɗigon littattafan lissafi ke kira sentiroyid, ni kuwa zan riƙa ce masa cibiya, ana kuma yi masa alama da G. Domin kada mu riƙa magana a iska, ga alwatika ɗaya da za mu riƙe har ƙarshe: A(3, 12), B(0, 0), C(24, 0). Da gangan na zaɓi wadda ta karkace sosai, don alwatika mai kyan fasali ita ce ke ɓoye yawancin kurakuran nan.

Tuntuɓen farko yakan faru ne tun kafin a kai ga lissafi, wurin jan layin kansa. Daga kusurwar A akwai layuka uku daban-daban da mutum zai iya saukarwa kan gefen BC. Akwai layin tsayi, wanda ke sauka a tsaye cak ya yi digiri 90 da gefen. Akwai wanda ke raba kusurwar A gida biyu daidai. Sai midiyan, wanda babu ruwansa da digiri ko kaɗan, shi dai tsakiyar gefe yake nema. A tamu alwatikar layin tsayi yana sauka a (3, 0), mai raba kusurwa yana sauka kusa da (8.1, 0), midiyan kuwa sai a D(12, 0). Wurare uku ne masu tazara. Abin da ke jawo ruɗanin shi ne yawan yin misali da alwatika mai gefe biyu daidai, inda layukan uku da suka tashi daga kusurwar da ke tsakanin gefunan nan biyu suke kwanciya kan juna su zama ɗaya. Ɗalibi ya saba ganin haka, sai ya ɗauka ko'ina haka ne. Maganin mai sauƙi ne: kafin ka ja layi, auna gefen da rula, ka sa ɗigo a tsakiyarsa, sannan ka haɗa. In ka ga ka ɗauki ma'aunin kusurwa alhali midiyan aka tambaye ka, to ka saki hanya.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya fi cin maki. Tsawon AD a misalinmu 15 ne, domin daga A zuwa D an matsa 9 a kwance da 12 a tsaye, kuma √(81 + 144) = 15. Idan aka ce AG : GD = 2 : 1, ana kwatanta guntaye biyu ne da junansu, ba guntu da dukkan layin ba. Kaso biyu a sama, kaso ɗaya a ƙasa, jimla kaso uku ke nan. Don haka da uku ake raba 15, kowane kaso ya zama 5, AG ya ɗauki biyu ya zama 10, GD ya ɗauki ɗaya ya zama 5. Mai amsa 7.5 ya ga lambar 2 ne ya yi wuf ya raba da ita. Wani lokacin kuma sunan ne ke yaudararsa: ya ji an ce cibiya, sai ya zaci tsakiyar layin ce. Rabi yana nan a cikin maganar, amma GD ne rabin AG, ba rabin AD ba. Yana da kyau mutum ya rubuta alaƙoƙin a gefen takardarsa kafin ya taɓa tambaya: AG = (2/3)AD, GD = (1/3)AD, AG = 2GD. Haka kuma in an juya tambayar, aka ba ka GD = 5 aka nemi AD, ninkawa uku za ka yi ka sami 15. Da yawa sukan ninka biyu su tsaya a 10, wanda AG ne kawai.

Mai amsa 5 kuwa ya raba uku daidai, sai dai ya kifar da layin, ya ba kusurwa gajeren kaso. Ba na son a magance wannan da hadda, don abin da aka haddace ba dalili shi ne ke juyewa a ɗakin jarrabawa. Ka ɗauka an ɗora duwatsu uku masu nauyi iri ɗaya a A da B da C. Na B da na C, in aka haɗa su, tamkar dutse ɗaya ne mai nauyi biyu da ke zaune a tsakiyarsu, wato D. Yanzu sanda ce AD, nauyi ɗaya a bakin A, nauyi biyu a bakin D. Ina za ka sa yatsa sandar ta tsaya ba ta rinjaya ba? Dole kusa da ɓangare mai nauyi, ta yadda nisan mara nauyin zai ninka na mai nauyin sau biyu. Shi ya sa G take kusa da gefe, dogon kaso kuma yake wajen kusurwa. Kuma tunda da wace kusurwa ka fara ba ya canja inda duwatsun uku suke daidaita, G ɗin nan ɗaya ce a kan midiyan ukun.

Wannan kifarwar tana sake ɓullowa a lissafin mazaunin ɗigo, kuma a nan ta fi wayo. Mutum ya san AG ne mai kaso biyu, sai ya ninka A da 2 ya rubuta (2A + D)/3. A misalinmu wannan zai ba da ((6 + 12)/3, (24 + 0)/3), wato (6, 8). Duba shi a zane: yana can sama kusa da A. Daidai shi ne G = (A + 2D)/3, domin D ce mai ɗauke da nauyi biyu, kuma hakan ya ba da ((3 + 24)/3, (12 + 0)/3) = (9, 4). Hanyar da ta fi tsira daga wannan tarko ita ce a bar D gaba ɗaya, a tara kusurwoyin uku a raba da uku: (3 + 0 + 24)/3 = 9, sannan (12 + 0 + 0)/3 = 4. Amsa ɗaya ce.

Ta yaya za ka gane ka yi kuskure ba tare da wani ya duba maka ba? Gwada amsarka a kan midiyan na biyu. Tsakiyar AC ita ce E(13.5, 6). Kaso biyu cikin uku na tafiya daga B(0, 0) zuwa E shi ne (9, 4). Ya faɗa kan G ɗinmu. Ɗigon (7.5, 6) na mai raba biyu, da (6, 8) na mai kifarwa, duk suna kan AD, shi ya sa suke kama da gaskiya, amma babu ɗayansu a kan BE. Akwai kuma gwajin ido mai sauri: tsayin G daga kowane gefe sulusin tsayin alwatikar ne daga wannan gefen. Kusurwar A tana sama da BC da 12, G kuma da 4.

Ga wanda aka ce ya kawo hujja, kuskuren da aka saba shi ne aunawa da rula a ce an tabbatar. Awo yana nuna alwatika ɗaya ce kawai, hujja kuwa dole ta ɗauke su duka. Ga gajeriyar hanya. Sa F a tsakiyar AB, E a tsakiyar AC, ka haɗa su. Layin FE yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da BC ba sa haɗuwa, tsawonsa kuma rabin BC ne. A misalinmu F(1.5, 6) ce, don haka FE = 12, BC = 24. Inda BE da CF suka gitta, kira shi G. Alwatika GBC da GEF siffarsu ɗaya, domin kusurwoyinsu daidai suke, sai dai ta farkon ta ninka ta biyun sau biyu. Ke nan BG = 2GE, CG = 2GF. A maimaita wannan da AD da BE, za a ga su ma sun gitta a inda ya raba BE biyu da ɗaya. Ɗigo ɗaya ne tak yake raba BE haka, saboda haka ukun a wuri guda suka haɗu. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke tabbatar da cewa midiyan na uku bai kauce ba.

Sauran kurakuran na ɗora wa cibiya abin da ba nata ba ne. Wasu sukan ɗauka nisanta da kusurwoyin uku ɗaya ne, har su kafa kamfas a kanta suna neman da'irar da za ta bi ta A da B da C. A tamu alwatikar GA = 10, GB kusan 9.8, GC kusan 15.5. Wancan aikin na wani ɗigo ne daban, kuma sai a alwatika mai gefe uku daidai suke haɗuwa wuri ɗaya.

Na ƙarshen ya fi su daɗin tunani. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Arkimidis na birnin Sirakus ya nuna cewa cibiyar nauyin alwatika tana mahaɗar midiyan. Yanko alwatika daga kwali mai kauri iri ɗaya, ka ɗora G a kan tsinin fensir, za ta tsaya. Daga nan sai mutane su yanke cewa duk layin da ya ratsa G yana raba faɗin filin alwatikar gida biyu daidai. Midiyan yana yin haka: filin tamu 144 ne, AD ya raba shi 72 da 72, ukun tare kuma sun yanka shi ƙananan alwatika shida masu 24 kowace. Amma ja layi ta G a kwance, mai tafiya kafaɗa da kafaɗa da BC. Ƙaramar alwatikar da ta rage a sama tsayinta 8 ne, gindinta 16, filinta 64. Na ƙasa 80 ne. Huɗu da biyar ke nan cikin tara. Duk da haka kwalin yana daidaita a kan wannan layin, domin daidaito ba yawan fili kaɗai yake dubawa ba, har da nisansa daga layin. Ɓangaren sama ya fi ƙanƙanta, amma tsininsa ya miƙa har nisan 8, shi kuwa na ƙasa mai faɗin bai wuce nisan 4 ba.