Yadda Ake Gano Kuɗin Wutar Girki Ɗaya: Gas, Gawayi, Itace Ko Kananzir

Abin da ke ruɗar mutane a lissafin makamashin girki shi ne kowanne da irin ma'aunin da ake sayar da shi. Gas da kilo, kananzir da lita ko kwalba, gawayi da buhu ko ƙullin leda, itace kuwa da ɗauri. Wadda ta ba da naira 200 ta karɓi ledar gawayi gani take ta fi wadda ta zube naira 15,000 wajen cika tukunyar gas dabara. Sai an maida su duka kan tambaya ɗaya, wato nawa wuta ta ci kafin tukunyar nan ta sauka, sannan ake gane wadda ta fi asara.

Kayan aikin ba yawa: sikelin rataye mai nuna lamba, irin na masu awon kaji ko jakar tafiya, da kwalbar da kika san yawan abin da take ci, da littafi da biro.

Mataki na farko, zaɓi girki guda ki tsaya a kansa. Mu ce dafa-dukan shinkafa ta mutum shida, a tukunya ɗaya, da ruwa daidai, da murfi a rufe. In kika dafa taliya a gas kika dafa wake a gawayi, ba kwatanci kika yi ba. Kuma kowane makamashi a gwada shi sau uku aƙalla, a ɗauki matsakaici, domin ranar da iska ke kaɗawa wutar murhu takan ci fiye da ƙa'ida.

Na biyu, gano ainihin farashin kilo, ba wanda aka faɗa miki a baki ba. A nan ne aikin yake. Farashin da zan yi amfani da su misali ne kawai, ki cire su ki sa na kasuwarku.

A jikin tukunyar gas akwai nauyinta in babu komai a ciki, galibi an buga shi kusa da haruffan TW. Auna ta bayan an cika, ki cire wannan lambar. In kin biya naira 15,000 na kilo 12.5, kilo ya kama naira 1,200. Amma in sikeli ya nuna kilo 11.5 aka zuba miki, kilonki ya koma kusan naira 1,300, kuma lokaci ya yi da za a canza wajen saye.

Gawayi ma haka. A ce buhu mai kilo 30 naira 9,000 ne. Zazzage shi ki tankaɗe, za ki tarar da gari da ƙasa a gindin buhu, wani lokacin har da tsakuwa. In garin ya kai kilo 3, abin da zai kama wuta kilo 27 ne, kilo ya tashi kusan naira 333. Sannan ki ɗora ledar nan ta naira 200 a sikeli. In giram 400 ce, to naira 500 kike sayen kilo ba ki sani ba. Itace kuwa, ɗaurin naira 500 mu ce ya auna kilo 6. A kula da ɗanye: nauyinsa ruwa ne, kuma wutar sai ta fara ƙone ruwan kafin ta waiwayi tukunya. Za ki gane shi da kumfar da ke tsattsafowa a gindin faskaren da kuma hayaƙi mai yaji.

Na uku, auna abin da girkin ya ci. Na kananzir shi ne mafi sauƙi: cika risho zuwa wata alama, yi girki, bari ya huce, sannan ki sake cikawa da kwalbar awo. Abin da kika ƙara shi ne abin da ya ƙone. Gawayi da itace a auna su kafin a hura, in an sauke a kashe ragowar a auna a cire. Kada a kashe da ruwa, zai ƙara musu nauyi. A kifa tsohuwar tukunya ko a binne da yashi. Gas ne mai ɗan wuyar sha'ani, don abin da girki ɗaya ke ci kaɗan ne kan nauyin tukunyar, sikeli na iya yi miki ƙarya. Gara ki yi girkin sau biyar, ki auna farko da ƙarshe, ki raba biyar. Ki kashe regileta ki cire shi kafin ɗaga tukunyar.

To mu ce littafi ya nuna haka: gas giram 200, gawayi giram 900, itace kilo 3, kananzir mililita 350. Bambancin ba abin mamaki ba ne. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa ninka na busasshen itace sau uku, sannan kusan rabin zafin gas na shiga tukunya, alhali a murhun duwatsu uku da ƙyar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ke kaiwa gare ta. Sauran ya bi iska, ya gasa ƙafar mai girki.

Yanzu sai a ninka. Gas: giram 200 a kan naira 1,200 ya ba da naira 240. Itace: rabin ɗauri, naira 250. Gawayin buhu naira 300, amma gawayin leda naira 450. Kananzir, in lita naira 1,800 ce, naira 630. Tun da aka janye tallafin kananzir a Najeriya a 2016, risho ya daina zama abin girkin mai ƙaramin ƙarfi, ko da yake har yanzu wasu na riƙe da shi saboda sabo.

Mataki na huɗu shi ne ƙananan kuɗin da ba a ganin fitarsu. Itace da gawayi ba sa kamawa sai da ɗan kananzir, mu sa musu naira 30 kowanne. Gas na da kuɗin mota zuwa wajen cikawa: naira 600 zuwa da dawowa, a raba kan girki wajen 62 da kilo 12.5 zai yi, kusan naira 10. Sai kuɗin tukunyar gas da murhunta da tiyo. In sun ci naira 60,000 kuma suka yi shekara biyar ana girki biyu a rana, girki 3,650 ke nan, kowanne ya ɗauki naira 16. Jimilla gas ya zama naira 266, itace 280, gawayin buhu 330, na leda 480, kananzir 630 ban da lagwani. In kina son na mutum ɗaya, raba shida. Sabulun goge baƙin tukunya da tarin hayaƙi ban sa su a lissafi ba, amma duk wadda ta taɓa hura ɗanyen icce da damina ta san ba kyauta ba ne.

A ganina wannan ledar ce babban abin dubawa. Tsakaninta da buhu naira 150 ne a kowane girki, a wata ya kama naira 9,000 in sau biyu ake ɗora tukunya, wato kuɗin buhu guda cif. Wadda ba ta da halin sayen buhu ita kaɗai tana iya haɗa kuɗi da maƙwabciya su raba.

Sai dai kada ki ɗauki sakamakon shinkafa ki yanke wa kowane girki hukunci da shi. Gas yana ci ne gwargwadon mintunan da ya yi a kunne, gawayi kuwa in ya kama, muddin ba a kashe shi ba, sai ya cinye kansa ko da tukunya ko babu. Don haka a ruwan shayi ko ɗumamen safe, gas zai yi wa gawayi fintinkau. A wake, ganda ko ƙafar saniya da ke awa biyu zuwa uku a kan wuta, tazarar na raguwa, har lissafin na iya juyawa, musamman in za a ɗora ruwan wanka a kan ragowar garwashin. Saboda haka a buɗe shafi biyu a littafin, ɗaya na girkin minti ashirin, ɗaya na mai daɗewa, a kuma sake ninkawa duk lokacin da farashi ya motsa. Awon giram ɗin yana nan yadda yake muddin ba a canza murhu ko tukunya ba.