Idan an yaba miki ɗinki, ki karɓa kawai

Yan uwa mata, wata ɗabi'a ce nake yawan gani a bukukuwan Abuja, musamman wajen dina. Za ki ji an ce wa mace kai Maman Hanif wannan leshin ya karɓe ki, nan take sai ta ce haba tsoho ne fa, ko kuma ai naki ya fi kyau alhalin ko kallon kayan ba ta yi ba.

To kin ga na farkon kamar kin ce mata idonta bai san abu mai kyau ba, dole ta fara rantsuwa wallahi da gaske nake. Na biyun kuma kowa ya gane bashi kika biya.

Ki yi murmushi ki ce na gode Anti, sai ki ɗora bayani ɗaya na gaskiya, misali a kasuwar Wuse na samu yadin, ko telata ce ta zaɓa min style ɗin. Ki yi shiru daga nan. Kar ki faɗi kuɗinsa in ba tambaya aka yi ba, nan ne yake komawa fariya.

Nasan wasu tsoron kambun baka ne ke sa su kushe kayansu, to ki ce Masha Allah da bakinki, ba sai kin ƙaryata ta ba. Idan kuma gyalenta ya burge ki da gaske, bari sai an zauna cin abinci hira ta yi nisa sannan ki faɗa mata.