Kafin ka kira masu aiki, zana wanda ke jiran wani

'Yan uwa masu shirin gyaran gida, ku ɗauki takarda ku rubuta kowane aiki da kwanakinsa, ku ja kibiya daga kowanne zuwa aikin da ba zai fara ba sai an gama shi. Lokacin bushewar filasta da jiran kaya su ma ku ba su layinsu, domin a nan lissafi ya fi rushewa.

A ce kicin ne. Fasa tsohon tayil kwana 2, famfo kwana 3, filasta kwana 2. Wayarin na kwana 2 yana tafiya tare da famfo, don haka bai ƙara komai ba. Bayan filasta hanya ta rabu biyu. Ɗaya: bushewa kwana 7, sa tayil kwana 3. Ɗayar kuma kafinta ya ɗauki awo ya haɗa kabad, kwana 14. Sai an gama duka biyun za a kafa kabad, kwana 1.

Ta hanyar tayil kwana 18 ke nan, ta kafinta 22. Mafi tsawon ita ke yanke ranar gamawa. Mai tayil yana da rarar kwana 4, ƙara masa kuɗi don ya yi sauri asara ce. Kafinta kuwa, in ya makara kwana 1 wajen awo, aikin duka ya makara. Ni ranar da aka gama filasta nake kiransa.

In kafinta ya rage kwanakinsa zuwa 9, ku sake lissafi, domin yanzu hanyar tayil ce ke riƙe da aikin.