Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da zanen jijiyoyin hannu katunan hoto

Ɗaliban aikin jinya da likitanci a Birnin Kebbi sun san zanen da ake rubuta wa `Brachial plexus` a kai, wato damin jijiyoyin da ke fitowa daga wuya su sauka hannu. Ko ba a lissafa ƙananan rassa ba, sunaye 22 ne a jikinsa: saiwoyi 5 daga C5 zuwa T1, kututture 3, rabe-rabe 6, igiyoyi 3, da manyan rassa 5. Anki, manhajar bitar karatu da katunan tambaya, tun sigar 23.10, tana da nau'in kati mai suna `Image Occlusion`, inda kake rufe suna da akwati, kowane akwati ya zama kati. Aikin yana da sauƙi, shi ya sa ake yinsa da garaje.

Kuskuren farko shi ne zuba zanen gaba ɗaya a hoto guda. A fuskar waya rubutun yakan ƙanƙance, layukan da ke nuni su sarƙe, sai ka yi ta buɗa hoto da yatsu kafin ka gane abin da ake tambaya. Yanka shi tun kafin ya shiga Anki. Hoto ɗaya ya ɗauki saiwoyi da kututture, sunaye 8. Na biyu ya ɗauki igiyoyi da manyan rassa, su ma 8. Na uku shi ne tsakiya, inda rabe-rabe ke haɗuwa su zama igiyoyi, kuma a bar masa ɗan gefen hagu da dama domin a ga inda aka fito da inda za a je. Idan ta WhatsApp aka turo maka zanen, nemi a sake turowa a matsayin fayil, don turin hoto na yau da kullum yana rage masa kaifi.

Babban kuskure yana wajen zaɓin yadda za a rufe. Da `Hide One, Guess One`, suna ɗaya ne ke ɓoye, sauran na bayyane. A hoton kututture, idan `Upper` da `Middle` suna kallonka, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai ce na ukun `Lower` ne. Haka saiwoyi: abin da ke tsakanin C6 da C8 ba ya buƙatar tunani. Za ka yi ta cin katin, Anki ta ɗauka ka iya, ta tura shi can gaba, alhali maƙwabtansa ne ke ba ka amsa. Ga yadda za ka gane: idan ka faɗi amsa ba tare da idonka ya bi layin nuni har jikin jijiyar ba, katin ya lalace. Duk inda sunaye ke jere da tsari, koma `Hide All, Guess One`, wanda ke rufe duka ya tambayi ɗaya. Rufe ɗaya kawai yana da amfani inda sauran sunayen ke cikin tambayar. Misali, bar igiyoyi uku a buɗe ka rufe `Median`, don amsar tana fitowa ne daga ganin cewa ta samo reshe daga `Lateral` da `Medial` duka biyu.

Akwatin ma yana tona asiri. `Musculocutaneous` haruffa 16 ne, `Ulnar` 5. Idan ka ja kowane akwati daidai tsawon sunansa, nan da nan ido zai haddace cewa dogon akwati na `Musculocutaneous` ne. Ja guda ɗaya daidai da mafi tsawon suna, ka kwafe shi a kan sauran. Amma kada ya hau kan layin nuni, kuma duba ƙasan zanen, don sau da yawa bayanin da ke can yana ɗauke da sunayen da ka rufe.

Rabe-raben shida suna biyu kawai gare su, na gaba da na baya, don haka kati shida ɓata lokaci ne. Haɗa na baya ukun su zama rukuni ɗaya, tunda su ne ke haɗuwa su zama igiyar `Posterior`, wadda `Radial` da `Axillary` ke fitowa daga cikinta. Sai ka rubuta wannan a filin `Back Extra`.

Katunan hoto ɗaya 'yan gida ɗaya ne, in suka biyo juna amsar wannan tana nan a idonka lokacin da wancan ya zo. A saitin tarin katunan, kunna `Bury new siblings` da `Bury review siblings`, sai sauran su jira wata rana.

Ko duk wannan ya daidaita, akwai haɗarin haddace gurbi, ka san "akwatin ƙasa na dama" ba ka san jijiyar ba. Bayan mako biyu, samo zane daga wani littafi, in da hali na ɗaya hannun, ka rufe manyan rassa biyar kawai. Wanda ka kasa a sabon zanen, koma ka bi shi da yatsa daga igiyarsa har saiwa.