Darasi na Bakwai: Gwajin Talla a Facebook da Kuɗi Kaɗan

Wannan darasi na masu ƙaramar sana'a ne da ke sayar da kaya ta waya, waɗanda suka taɓa ganin shuɗin maɓallin nan mai rubutun Boost post a ƙarƙashin hoton kayansu, suna so su danna amma suna tsoron kuɗi ya tafi a banza. Za mu bi gwaji guda na kwana 7 daga farkonsa zuwa ƙarshe. Abin da ake so a sani a ƙarshen makon abu ɗaya ne: naira nawa aka kashe kafin a sami mutum ɗaya da ya saya ya biya.

Lissafi kafin a taɓa waya

Mu ɗauki misalin wata mata a Kano mai sayar da zannuwan gado. Alƙaluman da za ku gani na koyo ne, kowa ya sa nasa a madadinsu. A ce tana saro saiti ɗaya a Kantin Kwari a kan naira 8,000, ta sayar 12,000. Leda, katin waya da kuɗin ɗan aike suna cin 1,000 a kowane saiti. Ribarta ta gaskiya ke nan 3,000, ba 4,000 ba kamar yadda za ta ce idan aka tambaye ta a tsaye.

Wannan 3,000 ita ce iyakarta. Duk tallan da ya ci fiye da haka kafin ya kawo mai saye ɗaya, uwar kuɗi yake ci. Kuma tunda ba don ta tashi a tutar babu take kasuwanci ba, sai ta ja wa kanta layi ƙasa da haka, ta rubuta a littafi: ba zan biya fiye da 2,000 a kan mai saye ɗaya ba. A rubuta wannan tun kafin a fara. Idan aka bari sai saƙonni sun fara shigowa, daɗi yakan sa mutum ya yi ta yi wa tallan uzuri.

Kuɗin gwajin kuma ya zama wanda ko ya tafi gaba ɗaya ba zai hana saro kaya ba. Ta ware 3,000 a kullum, kwana 7, ya kama 21,000. A Najeriya ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallan, wato ƙarin 1,575, jimla 22,575. Idan aka raba wannan da ribar 3,000, za a ga sai ta sayar da saiti 8 ta dalilin tallan kafin kuɗinta ya dawo.

Shirya tallan

Ana buƙatar shafin kasuwanci na Facebook, wanda a waya ake kira Page, da lambar WhatsApp Business da aka haɗa da shi. Ranar da ake buɗe asusun talla a zaɓi naira a matsayin kuɗin biya, a kuma duba ƙasa da agogon yankin da ake, domin sauya agogon daga baya sai an buɗe wani asusun. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce zuba kuɗi tun farko, daidai abin da aka ware, ta yadda idan ya ƙare tallan zai tsaya da kansa. Masu iPhone su lura: idan aka biya daga cikin manhajar Facebook ko Instagram, akwai ladan kashi 30 cikin ɗari na kamfanin Apple da ake ƙarawa. A shiga ta burauza a zuba kuɗin, an huta da wannan.

Daga nan za a tambaye ku manufar tallan, kuma nan ne akasarin kuɗin mutane ke nutsewa. Facebook abin da kuka roƙa shi yake kawo muku. Idan kuka zaɓi a so hotonku, zai nemo mutanen da aikinsu ke nan, danna alamar so su wuce, ku tashi da ɗaruruwan yabo babu ciniki ko ɗaya. Mai sayar da kaya ta waya saƙo take nema, don haka ta zaɓi Get more messages, ta nuna cewa a WhatsApp take so su sauka.

Wurin da za a nuna tallan ya tsaya iya inda ɗan aike zai iya kai kaya. Ita da ke Kano ta sa cikin birni da kewaye, ta rage da'irar da ke kan taswira, ta bar Legas da Fatakwal tukuna. Shekaru daga 22 zuwa 50 sun isa. A wurin zaɓen abubuwan da mutane ke sha'awa, kada a cika zaɓe-zaɓe har mutanen su ƙuntata. Da ƙaramin kuɗi gara a bar fili.

Sai ta yi talla biyu, kowanne 1,500 a kullum. Hoto ɗaya, wuri ɗaya, ranar farawa ɗaya. Abu guda kawai ta bambanta: na farko ya ce a tuntuɓe ta don jin farashi, na biyu ya rubuta 12,000 ɓaro-ɓaro tare da girman gadon da zanin ke shiga. Dalilin bambanta abu ɗaya tak shi ne, idan aka sauya hoto da rubutu da gari gaba ɗaya, ko ɗaya ya fi ɗaya ba za a san abin da ya jawo ba. Akwai kuma ɗan saƙon da ke fitowa a shirye idan mutum ya danna tallan. Ta sa na farko ya zama "Salamu alaikum, nawa ne zanin?", na biyu kuma "Salamu alaikum, ina son zanin 12,000", don ta riƙa gane ta ƙofar da kowa ya shigo.

Bayan an tura, sai kamfanin ya duba tallan, yawanci cikin awa 24. Muddin ana ganin In review bai fara tafiya ba, sai ya koma Active.

Cikin makon

Aikin da ya fi wuya shi ne a ƙyale tallan. Kwanakin farko na'urar Facebook tana laluben irin mutanen da ke amsawa ne, shi ya sa farashin saƙo yake hawa yana sauka kamar ba lafiya ba. Duk babban gyaran da aka yi wa hoto, rubutu ko mutanen da ake nufi yana iya mayar da laluben farko. Haka nan wata rana za a ga an kashe fiye da 1,500, wata rana ƙasa, wannan ba sata ba ce, a mako ake daidaita shi. Abin da zai sa a tsayar da talla kafin lokaci shi ne kuskuren farashi ko lamba, ko ƙarewar kaya.

Aikinta na gaske yana WhatsApp da littafi. Ta ja layi huɗu a shafi: rana, tallan da mutum ya biyo, ko ya tambayi kaya da gaske, ko ya biya. Wanda ya ce "zan dawo" ba a rubuta shi cikin masu saye sai alat ya shigo. Amsa kuma ta zama da wuri. Wanda ya turo saƙo da azahar aka amsa masa bayan isha'i, ya riga ya manta da zanin, kuma an riga an biya kuɗin saƙonsa.

Karanta sakamako

Bayan kwana 7 ta ƙara jiran kwana 3, saboda akwai masu cewa sai maigida ya dawo ko sai albashi ya shiga. Sannan ta buɗe Ads Manager, inda Facebook ke nuna lissafin talla, ta duba Amount spent, wato abin da aka kashe, da Results, adadin waɗanda suka fara hira, da Cost per result, kuɗin kowace hira.

Talla na farko ya ci 10,500, ya kawo hira 70, kowace a kan naira 150. Na biyu ya ci 10,500, ya kawo hira 30 kacal, kowace a kan 350. Wanda ya tsaya a kan abin da waya ta nuna zai ce na farko ya yi nasara nesa ba kusa ba, ya kashe na biyu.

Littafi kuwa wani labari ya bayar. Cikin mutum 70 na farko, 2 ne suka biya. Sauran sun ji farashi sun yi shiru, bayan ta ɓata yini tana amsa "nawa ne". Cikin 30 na biyu, 6 sun biya, domin farashin da ke jikin tallan ya riga ya tace marasa niyya. Kowane talla da harajinsa ya kama kusan 11,290. A raba da 2, mai saye ɗaya ya tsaya mata a kan 5,645 a talla na farko, asarar 2,645 ke nan a kowane saiti. A raba da 6, ya zama kusan 1,880 a talla na biyu, ƙasa da layin 2,000 da ta ja, ribar 1,120 ta rage mata a kowane saiti.

Idan kuma babu wanda ya yi kyau, a duba inda mutane suka tsaya. An nuna wa dubbai amma ba mai dannawa, laifin hoto ne ko layin farko na rubutu. Ana turo saƙo ana ɓacewa bayan jin farashi, to ko farashin ya yi wa waɗannan mutane tsada, ko ba su yarda su tura kuɗi ga wanda ba su sani ba. A nan biya bayan kaya sun iso yakan taimaka. Ƙara kuɗin talla ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A ƙara kuɗi ko a dakata?

Talla na farko a kashe shi. Na biyu kuma kada a yi masa gaggawa, domin mutum 6 ba su da yawa. Da biyu daga cikinsu sun fasa, da lissafin ya koma 2,820 a kan kowane mai saye, ya haye layinta. Wataƙila ma makon ya faɗo ƙarshen wata ne, ko gab da salla, lokacin da kowa ke sabunta ɗaki. Don haka ta sake ba shi mako guda a kan 1,500 ɗin nan ba tare da ta taɓa komai ba.

Idan mako na biyu ya sake tsayawa ƙasa da 2,000, sai ta fara ƙari kaɗan-kaɗan, kamar kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana 3 ko 4: daga 1,500 zuwa 1,800, daga nan 2,160. Kada ta yi tsalle zuwa 10,000 da tunanin ciniki zai ninka haka. Masu saurin saye su ake fara samu, na bayansu sun fi tsada, don haka kuɗin kowane mai saye yakan ɗaga yayin da ake ƙara kasafi. Ta riƙa leƙa Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. Idan ya wuce 3 kuma saƙo yana ƙara tsada, mutanen sun gaji da hoton, a ɗauki sabo. Ranar da lissafin mako ya haura 2,000, ta koma kasafin da ya gabata ta tsaya a nan. Kafin kowane ƙari kuma ta ƙirga saitin da ke ɗaki, ta tambayi kanta ko za ta iya amsa ninkin saƙonnin da take amsawa yanzu.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi kaya ɗaya daga cikin abin da yake sayarwa, ya rubuta kuɗin sari, kuɗin sayarwa, da duk ƙananan kashe-kashen da ke bin sa, ya fitar da ribar guda ɗaya. Sannan ku warware wannan a littafinku ku zo da shi aji: mai sayar da takalma yana cin ribar 2,500 a ƙafa ɗaya, ya kashe 14,000 a talla ban da haraji, mutum 40 suka turo saƙo, 5 suka biya. Nawa mai saye ɗaya ya tsaya masa idan an haɗa da harajin, kuma ya ƙara kuɗi ko ya dakata?