Kada ka zuba fassarar harsuna uku rana ɗaya

Masu ɗora bidiyon Hausa a YouTube, ga shawara: in za ka sa rubutun fassara a ƙasan bidiyo saboda 'yan ƙasar waje, sa harshe ɗaya tak, ka jira kwana 28.

Ni na taɓa biyan kuɗin Turanci, Faransanci da Larabci a tare. Kallo ya ƙaru, amma na kasa gane wanne ya yi aikin.

Zaɓi tsoffin bidiyo shida da kallonsu ya lafa. Sa wa uku Larabci, bar ukun haka nan. Bayan kwana 28, ka shiga Analytics, ka buɗe Advanced mode, ka tace da Geography, misali Saudiyya.

Kada yawan kallo ya ruɗe ka. Average view duration za ka duba, wato matsakaicin lokacin da mai kallo yake ɗauka a kan bidiyon. A ce da minti 2 ne, yanzu ya koma 3. In ukun da ba ka taɓa ba su ma sun tashi, ba fassarar ba ce, ƙila hutu ne ko azumi.

Taken bidiyon kuwa, kada ka fassara shi sai zagaye na biyu. Shi ke jawo sabbin mutane, rubutun ƙasa riƙe su yake yi.

Inda dabarar ke faɗuwa: in ka manna rubutun a jikin hoton, YouTube ba zai ƙirga wanda ya kunna shi ba, sai ka ɗora fayil ɗin .srt daban. Ƙasar da masu kallonka ba su da yawa ma ba za ta fito ba. Kuma Bahaushen Jidda yana jin Hausarsa, 'ya'yansa ne ƙila ke buƙatar Larabcin.