Yadda Za a Gode wa 'Yan Kwamitin Intabiyu Ɗaya Bayan Ɗaya

Da ka fito daga ɗakin, tun kafin ka manta, rubuta sunan kowa da tambayar da ya yi maka. Wannan takardar ce jarinka.

Daga nan ka rubuta wa kowa saƙonsa daban, jimla uku ko huɗu, cikin awa 24. Buɗe kowanne da abin da shi mutumin ya faɗa. Wadda ta tambayi yadda kake yi da kwastoma mai fushi, rubuta mata: "Ranki ya daɗe, na gode da tambayarki, ga misalin da ya kuɓuce mini ɗazu." Wanda bai ce uffan ba kuwa, gode masa a kan lokacinsa, kada ka ƙirƙiro hira.

Kafin ka tura, musanya sunayen a zuciyarka. In saƙon ya dace da kowa, sake rubuta shi, don sukan nuna wa juna.